Yadda Ake Gyara Kuskuren Lissafi a Takardar Farashi ko Inbois Bayan Ta Isa Hannun Kwastoma

Sana'ata aikin alminiyom ce, tagogi da ƙofofin gilashi, kuma kusan kowane aiki da takarda yake farawa: a auna, a lissafa, a tura wa mai gini farashi. Wata ranar Talata da daddare ina duba abin da zan sayo washegari, sai na ga jimillar da na tura wa wani Alhaji mai ginin gida ba ta yi daidai da kayan da na jera masa ba. Kwana huɗu ke nan da turawa, ya amince, har ya ba da kafin alƙalami. Da wannan aikin zan yi bayani, don in akwai lambobi a gaban mutum ya fi gane inda gizo ke saƙa.

Ga abin da ke kan takardar. Tagogi masu zamewa 14, kowace a kan naira 85,000, sun kama 1,190,000. Ƙananan tagogin banɗaki 6 a kan 35,000, sun kama 210,000. Ƙofofin gilashi 2 a kan 240,000, sun kama 480,000. Kuɗin dako da kafawa 120,000. Waɗannan huɗun sun haɗu miliyan biyu cif. Daga baya Alhaji ya ce a sa wa duk tagogin ragar sauro, sai na ƙara layi na biyar a ƙasa: raga 20 a kan 9,000, wato 180,000. Layin ya fito a takarda da farashinsa, amma lissafin jimilla a Excel bai haɗa da shi ba, yana nan yadda yake tun farko:

```
=SUM(E5:E8)
```

A Excel ragar tana layi na tara, lissafin kuwa a na takwas ya tsaya. Don haka jimilla ta tsaya a 2,000,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya fito 150,000, abin da na nema ya zama 2,150,000. Daidai kuwa shi ne 2,180,000, haraji 163,500, gaba ɗaya 2,343,500. Giɓin naira 193,500 ne, a aikin da duk ribarsa ba ta wuce kamar 300,000 ba.

Kada ka taɓa komai tukuna, ka sake lissafa takardar duka

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya shiga WhatsApp ya goge takardar, ya tura sabuwa shiru. Kada ka yi. Ko da lokacin gogewa bai wuce ba, WhatsApp zai bar alamar cewa an goge saƙo, kuma wataƙila mutumin ya riga ya sauke takardar ko ya tura wa injiniyansa. Ranar da ya ɗora tsohuwa kusa da sabuwa ya ga bambanci, ba zai kira shi kuskure ba, zai ce ƙari aka yi masa a ɓoye. Kuskuren da ka faɗa da bakinka ana yafe shi cikin sauƙi, amma wanda mutum ya gano da kansa bayan ka yi yunƙurin rufewa yakan sa ya koma bincikar duk takardun da ka taɓa ba shi.

Ka ɗauki takardar da ka tura, ita kanta, ba wadda ke kwamfutarka ba, don mai yiwuwa ka taɓa ta bayan turawa. Ka bi ta layi-layi da kalkuleta: adadi sau farashi, sannan jimilla, sannan ragi in akwai, sannan haraji. Ka duba ma'auni, ko ka rubuta mita inda kake nufin ƙafa, ko guda inda kake nufin dozin. Ka duba sunan mai biya, kwanan wata da lambar asusu. Dalilin wannan wahalar ɗaya ne: gyara sau ɗaya ake yinsa. In ka kira yau ka ce an manta da raga, gobe ka sake kira ka ce harajin ma ba daidai ba ne, to a kira na biyun nan amana take zubewa. Hakan ba ya nufin a ɗauki kwanaki. Ni da daddare na gano, na kammala bincike a daren, na kira da hantsi. Duk ranar da ka ƙara, aikin na ci gaba a kan farashin da ba shi ba, kuma za a tambaye ka tun yaushe ka sani.

Wane irin kuskure ne, kuma wa ya kamata ya ɗauke shi

A nan ya kamata a daɗe, domin abin da za ka faɗa a waya ya dogara da amsar da ka ba kanka a nan.

Akwai kuskuren da hujjarsa ke kan takardar da kwastoma ke riƙe da ita. Nawa irinsa ne: layi biyar a rubuce, kowanne da kuɗinsa, duk wanda ya haɗa su zai ga ba su ba da miliyan biyu ba. Irin wannan kana da bakin neman ciko, don ba farashi ka canza ba, tarawa ce ta kuskure, kuma mutum zai iya tabbatarwa da hannunsa ba sai ya dogara da maganarka ba.

Akwai kuma wanda ke cikin kanka kawai. Ka ƙiyasta sandunan alminiyom goma za su isa, ashe sha uku ake buƙata. Ko ka yi amfani da farashin gilashi na watan jiya ba ka tambayi kasuwa ba. Kwastoma ba shi da hanyar ganin wannan, kuma ƙwarewarka a ƙiyasi tana cikin abin da yake biya. In ya riga ya amince, a ganina wannan naka ne, ka ɗauka. In asarar ta fi ƙarfinka har za ta hana ka kammala aikin, ka je ka faɗa masa a matsayin roƙo, da rasidin kayan a hannu, ka kuma san yana da damar ya ce a'a. Abin da bai kamata ba shi ne ka yi shiru ka rage kaurin gilashi ko ka sa makulli mai araha don ka cike giɓin. Wannan ha'inci ne, kuma gilashi ba ya ɓoye kaurinsa ga wanda ya san aiki.

Na uku shi ne wanda ya faɗo ta wajenka, wato ka caji mutum fiye da ƙima: ka lissafa tagogi 16 alhali 14 ne, ko ka manta ragin da kuka yi magana a kai. Wannan babu shawara a cikinsa. Ka kira, ka faɗa, ka mayar, ko da bai lura ba kuma ba zai taɓa lura ba. Haƙƙinsa ne.

Bayan nau'in kuskure, ka duba inda ciniki ya kai. In takardar farashi ce kuma bai amsa ba tukuna, tayi ne kawai, kana iya janyewa ka ba da sabo, muddin ka sanar da shi kafin ya amince. In ya amince, balle ya ba da kafin alƙalami, ciniki ya faɗa, ba ka da ikon canza shi kai kaɗai, sai da yardarsa. Wasu na buga E&OE a ƙasan takardunsu, ma'ana ana iya gyara kuskuren rubutu ko abin da aka tsallake. Yana taimakawa wajen tuntuɓen alƙalami, amma kada ka ɗaga shi a gaban kwastoma kamar sanda. Mai gini a Kano da ka ce masa "ai an rubuta a ƙasa" ya gama da kai daga ranar.

Sai ka auna girman giɓin da ribarka. Ni abin da nake bi shi ne, in giɓin da zan yi asara bai kai kashi ɗaya cikin goma na ribar aikin ba, ba na tayar da maganar kuɗi, ina gyara takarduna in ci gaba. Naira 193,500 a kan ribar 300,000 kuwa kusan kashi biyu cikin uku ne, dole a yi magana. Kafin ka ɗauki waya ka yanke wa kanka abu biyu: zaɓin da za ka ba shi, da abin da za ka yi in ya ƙi duka. Ni na yanke cewa in Alhaji ya tsaya a kan tsohon farashi, zan yi masa aikin har da raga, yadda aka rubuta. Sanin haka tun kafin kira shi ya sa muryata ba ta yi kama da ta mai neman rigima ba.

Kira tukuna, rubutu ya biyo baya

Maganar ƙarin kuɗi ba a fara ta da saƙon rubutu. Rubutu ba shi da murya, mutum zai karanta shi cikin yanayin da ya same shi. Ka kira, ko ka je wurin ginin in kusa ne. Kuma wanda ya amince da farashin za ka nema, ba yaronsa ko birkila ba, kada labari ya isa gare shi ta bakin wani. Kada kuma ka yi maganar a gaban ma'aikatansa.

Bayan gaisuwa, ga yadda na shiga:

"Alhaji, ranka ya daɗe, na kira ne a kan takardar da na turo ranar Juma'a. Na yi kuskure a jimilla. In takardar na kusa, don Allah a duba layin ƙarshe, na ragar sauro, 180,000. Na rubuta shi amma bai shiga tarawa ba. In aka haɗa layukan biyar za a ga 2,180,000, ni kuma 2,000,000 na rubuta. Da haraji, bambancin 193,500 ne. Laifina ne, kuma na sake bin sauran layukan, babu wani gyara bayan wannan."

Ka lura da tsarin. Kalmar kuskure ta zo a jimla ta biyu, ba bayan dogon zagaye ba. An nuna masa inda zai duba da idonsa. An faɗi adadin a fili. An ba da haƙuri sau ɗaya, ba a yi ta maimaitawa ba, domin yawan ba da haƙuri na sa mutum ya zaci abin ya fi yadda aka faɗa. Kuma ban ce kwamfuta ce ko yaron shago ba. Ko da yaron ne ya buga, sunana ke kan takardar, kuma mai gini ba ya son jin cewa lissafin miliyoyinsa na hannun wanda ba a duba aikinsa.

Daga nan ka yi shiru. Alhaji ya ce in dakata, na ji yana danna waya, ya ɗan jima sannan ya ce, "Haka ne, Malam. Amma ni na riga na tsara kuɗina a kan abin da ka ba ni." Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ainihin cutarwar da kuskurenka ke yi wa kwastoma: ya ware kuɗin fenti da na tayil bisa lambar da ka ba shi, wataƙila ma ya ƙi wani mai alminiyom saboda naka ya fi sauƙi. Kada ka yi gardama da ita. Na ce masa na san haka, sannan na ba shi zaɓi: a cire ragar a bar jimilla yadda take, ya sa daga baya in ya shirya, ko a bar ragar in sauke masa 60,000 daga kuɗinta, wato kusan ladan aikina a kanta, ya biya kuɗin kaya. Ya zaɓi na biyu. Ban ambaci zaɓi na uku da na riƙe a zuciya ba, don bai kai ga buƙatarsa ba.

In mutum ya fusata, kada ka nemi amsa nan take. Ka ce za ka turo lissafin a rubuce ya duba a tsanake, ka faɗi lokacin da za ka sake kira, ka kuma kira a lokacin. Kada ka tsayar da aiki ko ka riƙe kayansa don matsa masa.

Gyaran takardar kanta

In takardar farashi ce, ka fitar da sabuwa da lambar tsohuwa, ka ƙara mata alamar gyara. In ta farko 047 ce, sabuwa ta zama 047 gyara na 1, da kwanan watan yau, da layi a sama mai cewa ta maye gurbin wadda aka bayar ranar kaza. Kada ka taɓa wani abu ban da abin da kuka yi magana a kai. Wannan ba lokacin daidaita farashin ƙofa ba ne don gilashi ya ɗan tashi. Ragin da ka yi kuma ya fito a layinsa, kada ka narkar da shi cikin farashi. A tawa, raga ta zauna a 180,000, ƙarƙashinta ragi 60,000, jimilla 2,120,000, haraji 159,000, gaba ɗaya 2,279,000. Ka lura harajin ya bi sabuwar jimilla bayan ragi. Mutane da yawa na gyara jimilla su manta da shi. Sannan na nuna kafin alƙalamin da ya bayar, 1,290,000, saura 989,000 a maimakon 860,000. Saƙon da ya raka takardar gajere ne:

"Salamu alaikum Alhaji. Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ga takardar da aka gyara. Abin da ya canza: ragar sauro ta shiga jimilla, an yi ragin 60,000. Tsohuwar jimilla 2,150,000, sabuwa 2,279,000, ƙari 129,000. Ranar kafawa ba ta canza ba. In ya yi daidai, a amsa mini a nan. Na gode."

Amsar nan ta "ya yi" ka adana ta. Bayan wata biyu, lokacin biyan ciko, ba kowa ke tuna abin da aka faɗa a waya ba.

Inbois kuma hukuncinsa daban, domin ya riga ya shiga littafi, naka da na mai biya, kuma da shi ake lissafin haraji. Ba a goge shi, ba a sake amfani da lambarsa a kan wani adadi. In ka caji fiye da ƙima, takardar ragi ake fitarwa, wadda manhajojin lissafi ke kira Credit Note, a Nijar kuma facture d'avoir. Tana da lambarta, tana ambaton lambar inbois ɗin da take gyarawa, da dalili, da adadin da aka rage tare da harajinsa. In ka caji ƙasa da ƙima kuma an yarda da ciko, ka fitar da ƙarin inbois na bambancin kawai, mai nuni ga na farko. In kuwa kuskuren ya yi yawa, ko sunan kamfanin ne ba daidai ba, ka soke na farko gaba ɗaya da takardar ragi, ka fitar da sabo da sabuwar lamba. Mai amfani da littafin inbois na hannu ya ja layi biyu a kan kwafin da ya rage a littafi, ya rubuta an soke da lambar wanda ya maye gurbinsa. Kada a yage shafin, lambar da ta ɓace a jeri tambaya take jawowa ranar bincike.

In da kamfani ko ma'aikata kake hulɗa, bayan ka yi magana da wanda ya ba ka aikin, ka nemi akantansu ka tambaye shi ko an riga an shigar da inbois ɗin, kuma wace takarda yake so. Su sukan biya ne in inbois ya yi daidai da takardar odar da suka bayar. In sabon adadinka ya haura na odar, sai an gyara ta tukuna, in ba haka ba takardarka za ta kwanta a tebur makonni ba wanda zai gaya maka dalili. In suna cire harajin da ake riƙewa daga biya, shi ma a kan adadin da aka gyara za su lissafa, don haka gara a gyara kafin su biya.

In lambar asusu ce ta samu matsala, ko an riga an biya rara

Wannan ya fi kowanne gaggawa, a nan ba a jira hantsi. Lambar asusun banki a Najeriya lamba goma ce, kuma in ka juya biyu daga ciki, yawanci manhajar banki za ta ƙi ta ko ta nuna wani suna, amma mai sauri ba ya karanta suna. Ka kira nan take ka ce kada a biya. Sannan ka tuna cewa saƙon "mun canza asusu, a biya a wannan" shi ne ainihin abin da 'yan damfara ke turawa da sunan 'yan kasuwa. Kwastoma mai hankali dole ya yi shakka, kuma ya kyauta. Ka kira shi da lambar da ya san ka da ita, ka karanta masa lambar asusun da bakinka, ka faɗi sunan da zai gani, ka ce in wani suna ya fito daban kada ya tura. In adadin babba ne, ya fara tura naira dubu ɗaya ka tabbatar ta shigo. In kuɗin ya riga ya tafi asusun wani, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar da shaidar turawa, kai kuma ka bi shi ku je tare, kada ka nemi ya sake biya alhali ana kan bin na farko, tunda lambar daga hannunka ta fito.

In rara aka biya ka saboda kuskurenka, ka tambaye shi ko a mayar ko a ajiye a kan aiki na gaba, zaɓin nasa ne. In mayarwa ce, ka duba cikin asusunka ka ga kuɗin ya zauna, kada ka dogara da saƙon alat, sannan ka mayar ta asusun da kuɗin ya fito, ba wani da aka turo maka ba. Ka haɗa shaidar turawa da takardar ragi a saƙo ɗaya.

Toshe ramin da kuskuren ya fito

Ranar da na gama da Alhaji na koma kan fayil ɗin. Na bar layi ɗaya fanko tsakanin kaya da jimilla, na sa lissafin ya haɗa har da shi, ta yadda duk layin da aka cusa a samansa zai shiga tarawa da kansa. Na kuma ƙara wani ɗan gida a gefe wanda ke sake lissafin ta wata hanya, adadi sau farashi kai tsaye, ya cire jimillar:

```
=SUMPRODUCT(C:C,D:D)-E11
```

A nan C ginshiƙin adadi ne, D na farashi, E11 kuma gidan jimilla. Wannan yana aiki ne in babu wasu lambobi a ginshiƙan adadi da farashi sai na kaya, kuma kuɗin dako ma an rubuta shi ɗaya sau 120,000. In gidan ya nuna sifili, takarda na iya fita. In ya nuna wani abu, akwai layin da aka tsallake. Takardar da ta haura miliyan kuma ba na tura ta a zaman da na rubuta ta. Ina mayar da ita PDF, in buɗe a waya yadda kwastoma zai gan ta, in haɗa layukan da kalkuleta sau ɗaya.

Tagogin Alhaji an kafa su ranar da aka yi alkawari. Na je da kaina, na sa aka zame kowace raga a gabansa, ashirin ɗin duka, sannan na miƙa masa inbois na ƙarshe mai ɗauke da 989,000, adadin da ya amsa da "ya yi" a rubuce.